Yadda Ake Tsara Kasafi da Jadawalin Neman Tallafin Wayar da Kan Mata Masu Juna Biyu

Yawancin ƙananan ƙungiyoyi idan suka ga sanarwar tallafi, wurin da idonsu ke fara sauka shi ne adadin kuɗin. An ce naira miliyan huɗu, sai a ɗauko biro a fara yanka ta kamar naman layya: miliyan ɗaya horo, miliyan ɗaya wayar da kai, rabin miliyan sufuri. Jadawalin kuma sai daren ƙarshe ake zana shi. Mai duba takarda ba ya minti biyar bai gane irin wannan ba, domin lambobin duk sun cika cif, kuma ba wanda zai iya faɗin yadda aka same su.

Kasafi da jadawali uwarsu ɗaya, wato jerin ayyukan da za ku yi. Shi ake fara rubutawa. Daga nan a tambayi kowane aiki abu biyu: nawa zai ci, kuma a wane mako zai faɗo.

Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe. Ƙungiyar mata ce a wata mazaɓa ta karkara a Jigawa, mai ƙauyuka shida da ƙaramin asibiti ɗaya. Tallafin bai wuce ₦4,000,000 ba, kuma a gama cikin wata takwas. Farashin da zan sa na misali ne kawai, naku sai kun taka zuwa kasuwa da tasha kun tambayo.

Mataki na farko: karanta dokokin kafin komai

A takardar masu bayar da tallafin ku nemo amsar abu biyar, ku rubuta a gefe. Shin suna biyan albashi ko alawus na ma'aikata? Kashi nawa suka yarda a ware wa gudanar da ofis? Sun yarda da kuɗin ko-ta-kwana? Gaba ɗaya za su turo kuɗin ko kaso-kaso? Sannan me suka hana a saya? Da yawa ba sa yarda a sayi magani, ko babur, ko a yi gini da tallafin ilmantarwa. Ku duba kuma ko suna neman rajistar ƙungiya da asusun banki mai sunanta. Idan ba ku da su, a nan maganar ta tsaya sai an samo.

Mataki na biyu: ƙidaya aikin

“Za mu wayar da kan mata” ba abu ne da ake sa wa farashi ba. Sai an farfasa shi.

A misalinmu ƙungiyar ta yanke cewa kowane ƙauye za a zaɓi mata biyu masu koyarwa, ungozoma ɗaya da malamar Islamiyya ɗaya. Ungozoma ta san wace ce ke da ciki tun kafin ya fito, malama kuma ta iya karatu da riƙe rajista. Su goma sha biyu ke nan. Za a horar da su kwana uku. Kowane ƙauye zai samu rukunin mata ashirin da za su zauna sau takwas. Batutuwan su ne alamomin haɗari (zubar jini, matsanancin ciwon kai, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi, daina motsin ɗa), zuwa awo, abinci da maganin ƙarin jini, shirin haihuwa, da kula da mai jego da jariri. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas maimakon huɗu na da, don haka ku tabbatar da abin da asibitin mazaɓarku ke koyarwa kafin ku buga komai, kada ku ce gabas ma'aikaciya ta ce yamma.

Sai maza. A gidaje da yawa ba mace ce ke yanke shawarar tafiya asibiti da tsakar dare ba, kuma ba ita ke riƙe da kuɗin mota ba. Saboda haka an sa zama biyu na magidanta 25 a kowane ƙauye, bayan sallar la'asar, da hannun liman.

Ga inda ake yawan zamewa. Ƙauye shida sau zama takwas, zama 48 ne. Mata ashirin a kowane zama, an zauna a tabarma sau 960. Amma mata 120 ne suka amfana, ba 960 ba, domin su ne dai suke dawowa. Lambar 960 ta lissafin abin taɓawa ce, lambar 120 kuma ita ake rubutawa a gurbin masu amfana, a haɗa da maza 150. Wanda ya rubuta 960 zai sha tambaya ranar rahoto, lokacin da aka ce ya kawo sunaye.

A nan ne kuma za ku takaita alƙawari. Aikin wata takwas a ƙauye shida ba zai iya nuna raguwar mutuwar mata wajen haihuwa ba, adadin ya yi kaɗan a auna. Abin da za ku iya aunawa shi ne mata nawa ke iya faɗin alamomin haɗari uku kafin a fara da kuma bayan an gama, da yawan sababbin masu zuwa awo a rajistar asibiti. Wannan aunawar ma, wato tambayoyin farko da na ƙarshe, aiki ce, tana da kuɗinta da makonta.

Mataki na uku: sa wa kowane layi farashi

Ku buɗe Excel ko ku ja layi a takarda, ginshiƙi shida: aiki, ma'auni, adadi, sau nawa, farashin guda, jimla. Idan adadi na ginshiƙin C, sau nawa na D, farashi na E, to jimlar layi na biyar da jimlar sashe su ne:

```
=C5*D5*E5
=SUM(F5:F8)
```

Kada ku buga jimla da hannu. Ranar da aka ce ku rage masu koyarwa daga sha biyu zuwa goma, adadin kawai za ku sauya a layukan da abin ya shafa, jimlolin su bi.

Mu ɗauki horon kwana uku. Masu horarwa biyu, kwana uku, ₦25,000 a rana, ₦150,000 ke nan. Kuɗin motar mata sha biyu, kwana uku, ₦2,500 zuwa da dawowa, ₦90,000. Littafi da biro da jaka na mutum sha biyu a ₦2,500, ₦30,000. Abinci kuwa ba na mutum sha biyu za ku lissafa ba. Masu horarwa za su ci, shugabar aiki da mai kula da kuɗi za su ci, mutum sha shida ke nan, sau uku, a ₦4,000, ya kama ₦192,000. Jimla ₦462,000. Ajin makarantar firamare da aka ara kyauta ma a rubuta shi, a kimanta shi ₦45,000, a sa shi a ginshiƙin gudummawar al'umma. Ba ya shiga kuɗin da kuke nema, amma yana nuna cewa gari na tare da ku.

Kuɗin mota ya cancanci a tsaya a kansa. Kada a sa wa kowa farashi ɗaya don sauƙin lissafi idan ƙauyukan ba nisa ɗaya suke ba. A je tasha a tambayi mai babur kuɗin kowane ƙauye, a ranar kasuwa da ranar da ba kasuwa, a ɗauki matsakaici, a rubuta yadda aka same shi. Wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023 ya san abin da ya same shi da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun shekarar. Tsakanin miƙa takarda da shigowar kuɗi ana iya ɗaukar wata uku zuwa shida, don haka a rubuta ranar da aka tambayo kowane farashi.

Zaman matan shi ne ya fi cin kuɗi, kuma haka ya kamata. Alawus ɗin masu koyarwa ₦3,000 a kowane zama, mata sha biyu, zama takwas, ₦288,000. Na fi son a biya kan zaman da aka yi maimakon a wata, domin rajistar halarta ita ce shaidar biya. Abin taɓawa, kunu ko zoɓo da ƙuli, na mutum 22 (har da masu koyarwa biyu) a zama 48, kan ₦500, ya tashi ₦528,000. Akwai masu son a bai wa kowace mace kuɗin zuwa taro. Ni ban goyi baya ba, tunda a ƙauyensu ake zaman, ba motar da za su hau. Kuma duk taron da aka fara da rabon kuɗi, ranar da kuɗin ya ƙare tabarma kaɗai za a tarar. Ma'aikaciyar asibiti za ta leƙa kowane rukuni sau huɗu, tafiya 24 a ₦4,000, ₦96,000. Wannan layin ƙarami ne amma ina ganin ya fi wasu manya amfani: macen da ta zauna tabarma ɗaya da ma'aikaciya ta fi sakin jiki ta je wurinta awo. Zaman maza sha biyu, mai jawabi da abin taɓawa, ₦210,000.

Kayan koyarwa hoto ne ya fi yawa a cikinsu, domin ba kowa ke karanta boko ba. Littafin hotuna babba guda sha huɗu, da ƙananan katuna 300 na kaiwa gida. A nan akwai wani layi na ₦20,000 da ake yawan yankewa, wato gwada hotunan a gaban mata goma kafin a buga. Na taɓa tsallake shi don sauri. Mun zana mace mai kumburin fuska da ƙafa, muka buga, muka raba. A zaman farko wata dattijuwa ta karɓi katin, ta matso da shi kusa da ido, ta ce, “Masha Allah, 'yar nan mijinta na kula da ita, dubi yadda ta yi ɓulɓul.” Katunan duka sai da aka sake bugawa, da kuɗin da ba ya cikin kasafi.

Idan aka haɗa sassan, ga yadda suke:

| Sashe | Jimla |
|---|---|
| Gaisuwa da taron kwamitin ci gaban mazaɓa | ₦114,000 |
| Kayan koyarwa | ₦358,000 |
| Horo da ranar bita | ₦577,000 |
| Zaman mata da na maza | ₦1,122,000 |
| Bibiya, tambayoyin farko da na ƙarshe, taron rufewa | ₦336,000 |
| Ma'aikata biyu da katin waya | ₦840,000 |
| Jimlar kuɗin aiki | ₦3,347,000 |
| Ko-ta-kwana, kashi 5 cikin 100 | ₦167,350 |
| Gudanar da ofis, kashi 7 cikin 100 | ₦234,290 |
| Abin da ake nema | ₦3,748,640 |

Jimlar ba ta kai miliyan huɗu ba, kuma ba dole ne ta kai ba. Kada ku ƙirƙiro layi don cike gurbin.

Game da ma'aikata, ku faɗi gaskiyar lokacin da za su bayar. Shugabar aiki rabin lokacinta ne, ₦60,000 a wata. Mai kula da kuɗi ₦30,000. Su biyun a wata takwas ₦720,000, ƙasa kaɗan da kashi ɗaya cikin biyar na duk kuɗin. Idan kuka ga na ma'aikata ya doshi rabi, mai dubawa zai tambayi kansa ko tallafin na matan ƙauye ne ko na 'yan ofis. Kada kuma ku sa sifili don ku burge. Aikin da ba a biyan mai riƙe da shi yakan mutu a wata na uku.

Idan an hana ko-ta-kwana, kada ku ɓoye shi a layin “sauran abubuwa”. Ku sa farashin mota da na abinci daidai da yadda kuke hasashen za su kasance a tsakiyar aikin, ku faɗi haka a bayani. Kowane layi yana buƙatar jimla ɗaya ko biyu ta bayani, kamar haka: “Kuɗin motar ma'aikaciyar lafiya: ziyara huɗu a kowane ƙauye cikin shida, ₦4,000 zuwa da dawowa a babur, bisa farashin tashar garin a watan da aka rubuta wannan takarda.”

Mataki na huɗu: jadawali bisa kalandar ƙauye

Ku ja watanni takwas a sama, ayyuka a gefe, da sunan muƙamin wanda zai ɗauki nauyin kowanne. Kafin ku cika gurbi ko ɗaya, ku fara toshe ranakun da ba naku ba: azumi da sallah, damina, girbi, ranar kasuwar kowane ƙauye, ranar awo da ta rigakafi a asibiti, wadda ma'aikaciya ba za ta iya fita ba. Azumi yana matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya kowace shekara, don haka jadawalin bara ba zai yi wa bana aiki ba.

Ƙungiyar misalinmu ta zaɓi Oktoba zuwa Mayu, a shekarar da azumi ya faɗo tsakiyar Fabrairu zuwa Maris. Dalili shi ne a gama kafin ruwa ya sauka hanyoyi su yanke.

Oktoba ta gaisuwa ce da neman izini: sashen lafiya na ƙaramar hukuma, hakimi, dagatai, masu unguwanni, limamai, sannan kwamitin ci gaban mazaɓa. Kada a ba wannan mako ɗaya. Za ku je ku tarar hakimi ya tafi ta'aziyya, takardarku kuma tana jiran sa hannun wanda ya yi tafiya. Lokacin girbi ne, ba wanda zai zauna muku taro mai tsawo, don haka ya dace da zane da gwajin hotuna.

Nuwamba a buga kaya a mako na farko da na biyu, a yi horo a na uku. Jerin nan ba ya juyuwa: ba a bugawa sai an gwada, ba a horo sai littafin hotuna na hannu, ba a fara zama sai an yi tambayoyin farko. Idan aka yi tambayoyin bayan mata sun ji darasi biyu, ba sauran abin da za a kwatanta da shi a ƙarshe. Zaman maza na farko ma a Nuwamba yake, kafin a watse cin rani. Wanda ya sa shi a Janairu tsofaffi da yara zai tarar. Na biyun sai ƙarshen Afrilu, lokacin da aka fara dawowa sharar gona.

Zaman mata biyu a Disamba, biyu a Janairu, ɗaya a farkon Fabrairu, sai a tsaya. Cikin azumi safiya ta aikin gida ce, yamma ta girkin buɗa-baki, ba kuma abin taɓawa. Bayan sallah da mako guda a yi wa masu koyarwa bitar kwana ɗaya, a ƙarasa zama ukun da suka rage kafin Afrilu ta fita. Mayu ta tambayoyin ƙarshe ce, da taron rufewa, da rahoto. A bar mako biyun ƙarshe ga rahoto kaɗai.

Akwai agogon da ya bambanta wannan aiki da sauran, wato cikin kansa. Macen da ta shiga rukuni a Disamba da cikin wata biyar, a Afrilu za ta haihu, kuma ba za ta fito ba sai ta yi arba'in. Mai cikin fari ma tana iya tafiya gidan iyayenta goyon ciki tun kafin nan. Saboda haka alamomin haɗari da shirin haihuwa (wa zai kai ta, da wace mota, kuɗin na hannun wa, wa zai ba da jini idan an buƙata) su zo a zama ukun farko. Kada a ajiye su zuwa ƙarshe. Sannan kada a ce rukunin na masu ciki ne zalla, domin kunya kan hana mace faɗin ƙaramin ciki. A ce na matan aure ne, a bar wa surukai 'yan gurabe. A tambayoyin ƙarshe kuma a ware kwana na bin masu jego gida.

Mataki na biyar: ɗora kuɗin a kan watanni

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma yake tsayar da aiki a tsakiya. A ce masu tallafin suna biyan rabi a farko, kashi 40 bayan rahoton tsakiya, kashi 10 bayan rahoton ƙarshe. Kason farko ₦1,874,320 ne. Hankali zai ce rabin kuɗi ya kai rabin lokaci, wato ƙarshen Janairu. Ba haka ba ne, domin bugu da horo duk a gaba suke.

Zuwa ƙarshen Nuwamba, gaisuwa, kaya, horo, tambayoyin farko, zaman maza, ma'aikata da ofis sun cinye kusan ₦1,386,000. Disamba za ta ci kusan ₦392,000. Abin da zai rage a asusu ranar ɗaya ga Janairu bai kai ₦100,000 ba, ba zai riƙe mako biyu ba. Ke nan rahoton tsakiya a farkon Disamba ya kamata ya tafi, tunda duba shi da sakin kuɗi na iya cin makonni, ga hutun ƙarshen shekara a ofisoshi da yawa. Ku sa wannan rana a jadawali. Idan dokarsu ta ce sai bayan wata huɗu ake rahoton tsakiya, ku nuna musu wannan lissafi tun kafin sa hannu, ku roƙi kason farko ya zama kashi 60.

Kason ƙarshe, ₦374,864, ba zai zo ba sai an gama komai. Ko da ba a taɓa ko-ta-kwana ba, ƙungiya za ta nemo fiye da ₦200,000 daga aljihunta ta rufe watan Mayu kafin a mayar mata. Ku san daga ina za ta fito tun yanzu, ko daga asusun ƙungiya, ko ma'aikata biyun su amince a rubuce cewa alawus ɗinsu na Mayu zai jira.

Kafin a tura

A ajiye takardu uku a jere: bayanin aiki, kasafi, jadawali. Mutum ɗaya ya karanta ayyukan da ƙarfi, na biyu ya nuna layin kuɗin kowanne, na uku ya nuna makonsa. Idan bayani ya ce horon kwana uku, kasafi ya ce biyu, a gyara. Idan jadawali na da shirin rediyo amma ba shi da layi a kasafi, ko dai a cire shi ko a nemo masa kuɗi. Sai a raba jimla da yawan masu amfana: ₦3,748,640 a kan mutum 270 ya kama kusan ₦13,900 kowanne. Mai dubawa zai yi wannan rabon da kansa, gara ku riga shi ku shirya amsa.

Abu na ƙarshe shi ne tambayar kowane layi da wace shaida za a kare shi. Mai buga kati zai ba da rasit. Mai babur da mai kunu ba su da shi. Don haka tun yanzu a tsara takardar biya mai gurbin suna, ƙauye, kwanan wata, adadi, da sa hannu ko dangwale, a kai wa masu tallafin su gani su amince kafin a kashe ko kwabo. Kuɗin buga wannan takarda da na tawadar dangwale suna cikin ₦30,000 ɗin fom da ke sashen bibiya, kuma a sayi tawadar guda shida, kowane ƙauye da tasa.